Su Wane Ne "Mu"? Yadda Na Karanta Wata Fasta Ta Yaƙin Hitila

Duk wanda ya ga kakar zaɓe a Talata Mafara ya san fasta. Tun daga tasha har bakin ƙofar makaranta bango ba ya hutawa, wata kan wata, har jikin itace da turken lantarki. Kuma babu ɗalibin da zai ga hoton ɗan takara yana murmushi, an zana famfo da asibiti a bayansa, ya ce to ga hujja an kawo ruwa. Ta zaɓe kam mun iya karanta ta. Amma da zarar takarda ta tsufa, launinta ya koɗe, aka ce mana daga gidan adana kayan tarihi ta fito, sai mu ajiye wannan wayon gefe mu karɓe ta hannu bibbiyu. Na kama kaina ina yin haka a zangon karatun da ya wuce, lokacin da aka ce kowannenmu ya nemo wata fasta ko zanen barkwanci na lokacin yaƙi ya yi sharhi a kai. Abin da na fara rubutawa shafi biyu ne na yabon jarumtar sojojinmu. Malamin ya mayar mini da shi da tambaya ɗaya tak a gefen takarda: wa ke magana a nan, kuma da wa?

Fastar da na zaɓa ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ce, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945, wanda tsofaffinmu ke kira Yaƙin Hitila. Gwamnatin Birtaniya ce ta sa aka yi ta, kuma akwai kwafinta a gidan tarihin yaƙi na Landan. Wanda ke da data zai iya ganin ta yanzu a wayarsa in ya rubuta "Our Allies the Colonies" a wurin bincike. Na fi son ku buɗe ta kafin ku ci gaba, don kada ku dogara da idona.

Aiki na farko shi ne faɗin abin da ke kan takardar ba tare da ƙarin gishiri ba, kuma ya fi wuya fiye da yadda ake zato, saboda baki yana rigan ido. A tsakiya akwai soja baƙar fata guda ɗaya, zane ne ba hoton kyamara ba, yana cikin kayan soja tsaf, da bindiga a kafaɗa. Kewaye da shi akwai ƙananan tambura na ƙasashen da Birtaniya ke mulka. Irin waɗannan tambura kowace ƙasa tana da nata. Na Nijeriya a wancan zamani tauraro ne mai tsini shida da kambin sarauta a ciki, irin tauraron da ke jikin tsohon kwabo mai huji. Sai rubutu, duk da Turanci. Wani layi ya ambaci daular Birtaniya ta ƙasashen mallaka. Wani ya ba da sunan rundunar sojan, wato rundunar sarki ta tsaron iyakokin Afirka ta Yamma. Babban layin kuma, wanda kuka rubuta a waya, ma'anarsa ita ce: ƙawayenmu, ƙasashen da muke mallaka. Shi ke nan. Babu abokin gaba, babu jini, babu filin daga, babu Bature ko ɗaya. Sojan ba shi da suna.

A rubutuna na farko na ce an yi fastar ne don a jawo samarin Arewa su shiga soja. Da gani abin ya yi kama da haka: ga soja kyakkyawa, ga kaki, ga bindiga, wane saurayi ne ba zai yi sha'awa ba? Ashe nan na faɗi. Abin da ya tashe ni kalma ce ƙarama, wannan "mu" da ke maƙale a ƙarshen "ƙawayenmu". Idan mutum ya nuna maka wani ya ce ga abokinmu, to kai da shi mai maganar kuna gefe ɗaya, wanda aka nuna yana ɗaya gefen. Fastar ba ta ce "ku zo" ba, ba ta ce "ƙasarku na kiran ku" ba. Tana nuna sojan ne da yatsa tana gabatar da shi ga wasu. Sojan shi ne abin da ake magana a kai, ba shi ake yi wa maganar ba. Masu "mu" ɗin su ne mutanen Ingila da duk wanda ke tsaye a sahunsu yana jin Turanci.

Na gwada abin da kaina lokacin hutu. Na kai wayata wurin wani dattijo a danginmu a Bakura, mutumin da ya yi karatun allo mai zurfi, yana karanta ajami kamar ruwa, amma bai yi boko ba. Na ce, "Baba, me ka gani a nan?" Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa ya ce, "Sojan Nasara ne. Waɗannan ƙananan kuma kuɗi ne ko hatimi?" Na ce hatimi ne. Ya ce, "To me yake so?" Wannan tambayar ta gama mini aiki. Fastar ɗaukar soja dole ta gaya wa mai kallo abin da zai yi: je wuri kaza, ga wanda za ka gani, ga abin da za a ba ka. Wannan ba ta umarci kowa da komai ba. Ga mutumin da bai iya Turanci ba, rabin saƙon ya zube a ƙasa. A shekarun 1940 kuwa, a ƙasar Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda duk suna cikin Lardin Sakkwato a lokacin, masu karanta Turanci ba su wuce malaman hakimi da 'yan ma'aikatan En'e ba. Wannan ba ya nufin ba a taɓa manna ta a wani ofishi a Nijeriya ba. Yana nufin ba da manomin Maradun a zuciya aka tsara ta ba.

Da an so manomin Maradun, an san hanyarsa. Akwai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, kuma labarin yaƙi ya cika shafukanta. Mutum ɗaya mai boko yakan karanta a zaure, goma su saurara. Akwai majigi da ake yawo da shi a mota gari-gari. Sama da duka akwai sarki da hakimi da dagaci, waɗanda ta hannunsu ake neman mutane in ana son sojoji ko 'yan ƙwadago. Saboda haka duk wanda ya ɗauki wannan fastar ya rubuta cewa ga yadda aka rinjayi kakanninmu suka shiga soja, ya kafa hujja da shaidar da ba ta wurin.

To in mutanen Ingila ake yi wa magana, me ya sa ake buƙatar gaya musu wannan? Ba a kashe takarda da tawada a lokacin yaƙi, lokacin da takarda kanta sai da rabo, don faɗin abin da kowa ya riga ya yarda da shi. Farfaganda tana zuwa ne wurin da ake da ciwo. Dole in fita daga cikin fastar in duba abin da ke faruwa a shekarun.

A watan Agustan 1941 Churchill, firaministan Birtaniya, da Roosevelt, shugaban Amurka, suka fitar da sanarwar da aka sani da Yarjejeniyar Atlantika. A cikinta akwai batun cewa kowace al'umma tana da haƙƙin zaɓar irin gwamnatin da za ta zauna a ƙarƙashinta. Nan take masu ilimi a Indiya da Afirka suka ce, har da mu? Wata ɗaya bayan haka Churchill ya tashi a majalisa ya nuna cewa ƙasashen Turai da Jamus ta mamaye ake nufi da farko. Sai ga watan Fabrairun 1942, Japan ta ƙwace Singafo, kuma duniya ta ga daular da ake cewa rana ba ta faɗuwa a cikinta tana zubewa a Gabas cikin 'yan makonni. A Amurka, wadda yanzu ta shiga yaƙin kuma Birtaniya ba ta da abin yi sai da kuɗinta da makamanta, mutane da yawa ba sa ƙaunar mulkin mallaka. A watan Oktoban 1942 mujallar Life ta buga buɗaɗɗiyar wasiƙa ga mutanen Ingila tana gaya musu ƙiri-ƙiri cewa Amurkawa ba don riƙe wa Birtaniya daularta suke yaƙi ba. A cikin wannan shekarar ce jami'an ofishin kula da ƙasashen mallaka suka fara sauya baki: da suna cewa riƙon amana suke yi wa mutanen da ba su kai su riƙe kansu ba, yanzu sai suka koma cewa tarayya ce, abokan tafiya ne.

Ku sake kallon babban layin da wannan a zuciya. Ƙawa a harshen yaƙi ƙasa ce mai cin gashin kanta, wadda ta zauna ta yi shawara ta ce na shiga, kamar Amurka ko Rasha. Ƙasar mallaka kuwa ba a tambayar ta. Ranar da Birtaniya ta shelanta yaƙi da Jamus, 3 ga Satumba 1939, Nijeriya ta tsinci kanta a cikin yaƙin ba tare da wani ɗan ƙasa ya kaɗa ƙuri'a ba. Kalmomin biyu ba sa zama a tabarma ɗaya, amma fastar ta zaunar da su, babu ko "da" ko "amma" a tsakani, kamar suna da inkiya. A ganina wannan ita ce babbar dabarar, ta fi zanen kansa. Ba ta kawo hujja ba, ba ta yi gardama ba. Ta jera kalmomi biyu ne kawai ta bar ido ya saba da ganin su tare. Mai kallo a Landan zai wuce da jin cewa daular nan ba ta danniya ba ce, ga mutanenta da kansu sun ɗauko bindiga. Wanda ke zargi daga waje kuma an ba shi amsa ba tare da an ambaci zarginsa ba.

Zanen yana taya rubutun aiki. Soja ɗaya aka zana, ba runduna ba, kuma an yi shi babba, da mutunci, irin yadda ake zana manya. Dole a faɗi gaskiya, wannan ya bambanta da yadda zane-zanen Turawa na kafin yaƙi suka saba nuna baƙar fata, da wulaƙanci ko abin dariya. Amma mutuncin yana da iyaka. Sojan ba shi da suna, ba shi da gari, ba a san ko Bahaushe ne ko Batibi ko mutumin Saliyo ba. Rundunar ta haɗa ƙasashe huɗu, Nijeriya da Gwalkwas, wadda ita ce Ghana ta yau, da Saliyo da Gambiya, fuska ɗaya ta wakilce su duka. Kuma fastar ɗaya ce daga cikin jeri: akwai 'yar uwarta mai rubutu iri ɗaya da sojan rundunar Afirka ta Gabas, da wasu na wasu ƙasashen. An yi ƙira ɗaya ana sauya fuska. Idan ka ga haka ka san ba labarin wani mutum ake ba ka ba, samfuri ake nuna maka. Tamburan da ke kewaye da shi kuma suna aiki biyu. Suna nuna yawa, wato dubi ƙasashen da ke bayanmu. Suna kuma zama shinge: sojan yana da bindiga, amma yana tsakiyar hatiman sarki, an kewaye shi. Baƙin mutum da makami abu ne da ke tayar wa wasu masu kallo hankali a wancan zamani, musamman a Afirka ta Kudu da kudancin Amurka. Wannan sojan ba ya auna kowa. Bindigar tana kafaɗa, yadda ake riƙe ta a fareti.

Akwai wata fastar ta wannan zamani da ta taimaka mini, mai kalma guda babba da ke nufin "tare", inda aka zana sojojin daular suna maci ƙarƙashin tutar Birtaniya. Fararen fata ne a sahun gaba, Ba'indiye da Ba'afirke suna baya. Kalmar tana cewa daidai muke, jerin yana cewa kowa ya san wurinsa. Tun da na lura da wannan, duk fastar da na gani sai in tambayi kaina ko rubutun da zanen bakinsu ɗaya, don sau da yawa a inda suka saɓa ne mai zanen ya fallasa abin da ke ransa ba da niyya ba.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi ci mini lokaci, wato abin da aka bari a waje. Ba kowane rashi ne abin lura ba. Fasta ba littafi ba ce, ba za ta ɗauki komai ba. Rashin da ke da nauyi shi ne wanda in an saka shi, saƙon zai rushe. Na sami irin wannan guda uku ko huɗu.

Babu Bature a zanen, amma a rundunar gaske hafsoshi Turawa ne. A duk tsawon yaƙin babu ɗan Nijeriya ko ɗaya da aka ba muƙamin hafsa a wannan rundunar. Seth Anthony na Gwalkwas, wanda aka ba a 1942, shi ake ambata a matsayin na farko a yankin, na Nijeriya kuwa sai bayan an gama yaƙi. Da an zana laftanar Bature ɗan shekara ashirin da biyu yana ba saje mai furfura oda, kalmar ƙawa ba za ta tsaya ba. Babu maganar albashi: farabitin Afirka ta Yamma yana karɓar wajen sule guda a rana, na Ingila kuwa sule biyu tun farkon yaƙi, kuma nasa ya riƙa ƙaruwa. Sannan bindigar kanta. Lokacin da aka kai runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ƙasar Bama, daga 1943 zuwa gaba, dubbai daga cikinsu ba harbi aka ɗauke su yi ba, dako ne. Suna ɗaukar harsashi da abinci da sassan manyan bindigogi a ka, cikin dazuzzuka da duwatsun da mota ba ta shiga, a kwarin Kaladan da yankin Arakan. Hasali ma wannan na cikin dalilan da suka sa manyan hafsoshi suka so su a can. Babu wanda zai yi fasta da mutum ɗauke da akwati a ka ya rubuta ƙawa a ƙasa.

Na ƙarshen shi ya fi taɓa ni a matsayina na ɗan wannan yanki. Rundunar da sunanta ke jikin fastar ita ce wadda Lugga ya fara haɗawa a 1897. Ita ce ta ci Kano a watan Fabrairun 1903, ta ci Sakkwato a watan Maris na shekarar, ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi. Ita ce ta murƙushe Satiru a 1906. Da yawa daga cikin sojojin da suka yi wannan aikin Hausawa ne, kuma Hausa ce ta daɗe tana zama harshen bariki. Tsakanin faɗuwar Sakkwato da fara Yaƙin Hitila shekara 36 ce kacal. Wato a 1942 akwai dattawa a Mafara da suka ga zamanin da wannan kakin ya shigo ƙasarsu da yaƙi. Ga mai kallo a Landan sunan rundunar ado ne mai daɗin ji. Ga dattijon Sakkwato sunan wanda ya ci garinsa ne. Takarda ɗaya, karatu biyu, kuma fastar ta dogara ne da cewa mai kallonta bai san na biyun ba.

Akwai kuma waɗanda ba sa sanye da kaki sam. Da Malaya ta faɗa hannun Japan, Birtaniya ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 an yi aikin tilas a ma'adinan kuza na Filato, inda aka kwaso mutane kimanin 100,000 daga lardunan Arewa ta hannun sarakuna, kuma da yawa sun mutu saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci. Wannan ma gudummawar ƙawa ce. Ba ta samu fasta irin wannan ba.

A nan ne kuma na kusa faɗawa rami na biyu, wanda na ga abokai da dama sun faɗa. Bayan na tara duk waɗannan, sai na rubuta da zafi cewa fastar ƙarya ce tsagwaronta, a jefar. Wannan ma ragwanci ne, irin na farkon, an dai juya shi ne. Farfaganda mai aiki ba kasafai take ƙirƙirar ƙarya daga babu ba. Gaskiya take tsinta ta zaɓa. Sojojin nan sun wanzu. Sun yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, sun yi da Japan a Bama, bataliyoyin Nijeriya uku sun shiga cikin dakarun Cindit da aka sauke bayan layin abokan gaba a 1944. Har yau akwai barikin Chindit a Zariya da na Kalapanzin a Kaduna, sunayen da suka samo asali daga wancan yaƙin. Wasu an tura su ne, wasu kuma da ƙafarsu suka je, don albashi ko don ganin duniya ko don gudun wani abu a gida, kuma da yawa sun dawo suna alfahari da lambobinsu. Sarakuna sun ba da goyon baya a fili, an tara kuɗin taimakon yaƙi. Wanda ya ce babu ko ɗaya daga cikin wannan shi ma ya yi tasa farfagandar.

Abin da ya kamata a tambaya shi ne: wannan takardar shaida ce a kan me? Kamar a kotun alƙali ne. Mutum yana iya zama shaidar banza a kan abin da ya faru a gona saboda ba ya wurin, amma ya zama shaida mai ƙarfi a kan abin da aka ƙulla a zaure saboda a gabansa aka yi. A kan rayuwar sojan Nijeriya a Bama, fastar shaida ce mai rauni ƙwarai. A kan ra'ayin mutanen Lardin Sakkwato game da yaƙin, ba ta san komai ba. Amma a kan yadda gwamnatin Birtaniya ke son a ga daularta a lokacin da take cikin matsi, da kalmar da ta zaɓa, da abin da take tsoron a ce, babu shaidar da ta fi ta, don daga bakin mai ita ta fito.

Ga yadda jimlata ta sauya, ko zai yi wa masu rubuta furojet amfani. Da farko na rubuta: "Fastar ta nuna cewa 'yan Nijeriya sun goyi bayan Birtaniya a yaƙin." Daga baya ta koma: "Fastar ta nuna cewa gwamnatin Birtaniya ta so masu jin Turanci su ɗauki sojojin ƙasashen mallaka a matsayin abokan da suka shigo da son ransu." Ta biyun ta fi tsawo, ba ta da daɗin faɗa, amma kowace kalma a cikinta zan iya nuna ta da yatsa a jikin takardar. Ta farkon kuwa sai na nemo wasu shaidun dabam kafin in tsaya a kanta.

Akwai iyaka guda da babu dabarar karatu da za ta tsallake ta. Fasta tana gaya maka abin da aka so a ji, ba ta gaya maka ko an ji. Ko kwafi nawa aka buga, ko ina aka manna, ko mai wucewa ya tsaya ya kalla ko ya yi tsaki, duk wannan ba ya cikin zanen. Sai a takardun ofishin da ya buga ta, da jaridu, da wasiƙun mutane. Don haka duk sharhin da ya ce fasta kaza "ta yi tasiri sosai" ba tare da wata hujja daga waje ba, zato ne aka sa wa riga. Abin da za a iya gani shi ne yadda wasu suka kama irin wannan harshen suka juya shi. A 1943 an gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma zuwa Ingila, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe da Abubakar Imam, wanda ya ba da labarin tafiyar a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. An kai su ne su ga ƙoƙarin yaƙi su dawo su yaba. Azikiwe kuwa sai ya miƙa takardar da ta dogara da Yarjejeniyar Atlantika tana neman a sa wa'adin mulkin kai. Imam bai sa hannu a kanta ba, yana da nasa koke-koken game da Arewa da ya gabatar ta wata hanyar. Amma dabarar a fili take: tunda kun ce mu ƙawaye ne, to ga abin da ake yi wa ƙawa. Shekara 15 bayan gama yaƙin aka sauke tutar da ke cikin waɗancan fastocin a Legas.

Shaidar da ta fi dacewa a ajiye kusa da wannan fastar ita ce muryar sojan da kansa, kuma ita ce ta fi wuyar samu. Isaac Fadoyebo, wani soja daga ƙasar Yarbawa da aka harba a Bama a 1944, wanda wasu mutanen ƙauye Musulmi suka ɓoye shi watanni, ya rubuta labarinsa, shi ya sa aka san shi. Mazan jiya na wannan yankin galibinsu ba su yi boko ba, labarinsu a baki ya tsaya. Wanda ya je Bama yana ɗan shekara 20 a 1944, yau ya kai ɗari ko ya wuce, saboda haka kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage yana hannun 'ya'yansu da jikokinsu: lambar yabo a ƙasan adaka, littafin sallama daga soja mai ɗauke da lamba da bataliya da ranar shiga, da 'yan labaran da aka ji a bakinsu da dare. Da na gaya wa dattijon nan na Bakura abin da rubutun Turancin ke cewa, sai ya yi shiru, sannan ya ce akwai wani tsohon soja a unguwarsu lokacin yana yaro, wanda in hadari ya taso aka yi tsawa sai ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, yara suna yi masa dariya. Ya ce jikansa yana nan, kuma yana jin takardun tsohon ba su ɓata ba. Mun yi da shi zai kai ni gidan in mun gama jarrabawa.